Maganiziyam Kala Uku: Wanne Ke Tsayawa A Hanji, Wanne Ke Shiga Jini?

Ranar da na je gaishe da gwaggona bayan la'asar, na tarar da ita a kan tabarma ta jingina da bango, buta a gefenta, idanunta sun faɗa. Kwana biyar ke nan tana fama da gudawa. Da farko ta zargi furar da ta sha a gidan suna, daga baya ta koma zargin ruwan rijiya. An aiki yaro kyamis, ya dawo da sifro da filajil, tana ta sha amma cikin bai tsaya ba.

Na ce, "Gwaggo, ban da waɗannan, akwai wani abin da kuke sha?"

Ta ce, "Babu, ɗan nan. Sai ƙwayar hawan jinina, sai kuma wannan na ƙarin lafiya da 'yar'uwarka ta aiko mini saboda ƙafar nan da ke ɗaure mini da dare. Ai shi ba magani ba ne."

Ta miƙo mini wata farar roba. A gabanta an rubuta maganiziyam da manyan baƙaƙe, da lamba 500. Na juya bayanta, inda ƙananan rubutu suke, na ga irin da ake kira oksayid ne. Tana shan ɗaya da safe, ɗaya da dare, kuma ta fara kwana biyu kafin gudawar ta kama ta. Ba fura ba ce, ba rijiya ba ce. Maganin sassauta ciki take sha sau biyu a rana ba tare da ta sani ba.

Wadda ta aiko da shi ba ta yi da mugun nufi ba, kuma wanda ya sayar mata bai ba ta jabu ba. Abin da ya faru shi ne sunan ɗaya ne amma kayan ba ɗaya ba ne. A kantar mai sayar da magani za ka ga maganiziyam oksayid, ka ga maganiziyam sitiret, ka ga maganiziyam gilisinet, farashinsu ya sha bamban, mai shago kuma sau da yawa abin da zai ce maka shi ne mai tsadar ya fi kyau. Ni ina ganin tambayar "wanne ya fi kyau" ita ce take ɓatar da mutane. Tambayar da ta kamata ita ce: a ina ake so ya yi aiki, a cikin hanji ko a cikin jini?

Gyaɗa da ɓawonta

Maganiziyam ma'adini ne da jiki ke buƙata domin aikin tsoka da jijiyoyi da bugun zuciya da ƙashi. Babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 25 a jikinsa, fiye da rabi a cikin ƙasusuwa, abin da ke yawo a ruwan jini kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ƙiyasin da hukumomin lafiya na Amurka ke amfani da shi ya ce namiji baligi na buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace kuma 310 zuwa 320, kuma wannan lissafin ya haɗa da wanda ake samu a abinci.

Shi kansa maganiziyam ƙarfe ne, ba a haɗiyarsa tsurarsa. Dole sai an ɗaura shi da wani abu ya zama gishiri kafin a yi ƙwaya da shi. Idan da iskar oksijin aka ɗaura shi, ya zama oksayid. Idan da tsamin da ke cikin lemon tsami ne, ya zama sitiret. Idan kuwa da gilaisin ne, wani ƙaramin sinadari daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, ya zama gilisinet. Da zarar ya ratsa hanji ya shiga jini, abokin tafiyar nan ya rabu da shi, maganiziyam ɗin duk iri ɗaya ne. Zuciya ba ta san daga wace roba ya fito ba. Duk bambancin yana faruwa ne tsakanin baki da bangon hanji.

Bambanci na farko na nauyi ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa zai gane shi. Tiya ɗaya ta gyaɗa mai ɓawo ba daidai take da tiya ɗaya ta ɓararriya ba. Abokin tafiyar nan shi ne ɓawon. A oksayid ɓawon ba shi da nauyi, don haka kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwayar maganiziyam ne zalla. A sitiret, zallar ba ta wuce kashi 11 zuwa 16 ba, gwargwadon ruwan da ke maƙale a garin. A gilisinet kimanin kashi 14 ne.

Mu ɗauki robobi uku, kowacce an rubuta mata miligiram 500, kuma mu ƙaddara lambar tana nufin nauyin gishirin gaba ɗaya. Ta oksayid tana ɗauke da maganiziyam zalla miligiram 300. Ta sitiret, in ta yi yawa, 80. Ta gilisinet 70. Gwaggona da ke shan biyu a rana, miligiram 600 take zuba wa cikinta. Iyakar da Amurka ta gindaya wa wanda ke shan maganiziyam na ƙari ba tare da kulawar likita ba ita ce 350 a rana, a Tarayyar Turai ma 250 ce, kuma dalilin sa iyakar a wurin shi ne daga nan gudawa ke fara bayyana. Ta kusa ninka ta farkon, ta wuce ninkin ta biyun.

Matsalar ita ce kamfanoni ba sa rubutu iri ɗaya. Wani nauyin gishirin yake sawa a gaba don lambar ta yi girma, wani kuma zallar yake sawa. Shi ya sa gaban roba ba ya gaya maka komai. Ka juya baya, ka nemi layin da ya faɗi adadin maganiziyam zalla, wanda sau da yawa ake haɗa shi da kalmar da ake furtawa "elimental". Ka kuma duba ko adadin na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu ko na uku, don nan ma ana tuntuɓe.

Oksayid: aibinsa shi ne amfaninsa

Mai karatu zai ce, to ai oksayid ya fi, tunda ya fi cika kuma ya fi araha. A nan bambanci na biyu ya shigo. Hanji ba ya tsotsar abin da bai narke ba, shi kuwa oksayid kusan ba ya narkewa a ruwa. Sai ya haɗu da ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa sannan wani ɓangarensa ya narke. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1990 ya nuna cewa ko a tsamin da ya kai na tumbi lokacin da ya fi ƙarfi, ƙasa da rabinsa ne ya narke, alhali sitiret fiye da rabinsa ya narke a tsurar ruwa.

Akwai wata lamba da masu tallar magani ke yawan ambata, wai kashi 4 cikin 100 kawai na oksayid jiki ke ɗauka. Lambar tana da asali, daga wani ƙaramin bincike na 2001 ta fito, inda aka auna abin da ya fita a fitsarin mutanen da suka sha. Amma ba a kan ta kaɗai za a tsaya ba, domin wani binciken da ya bi wata hanyar awo ya sami abin da ya haura kashi 20. Abin da za a iya riƙewa shi ne wannan: a cikin ukun nan, oksayid ne ya fi barin saura a hanji. Sai dai da yake ya fi su cika nesa ba kusa ba, ɗan abin da ya shiga jini daga ƙwaya ɗaya ba banza ba ne. Likitoci a ƙasashe da yawa suna gyara ƙarancin maganiziyam marar tsanani da shi, muddin cikin majiyyaci ya jure.

To ina sauran yake zuwa? Ka taɓa yanka albasa ko tumatir ka barbaɗa musu gishiri ka ajiye? Bayan ɗan lokaci za ka ga ruwa ya taru a kwano, gishirin ya jawo shi daga cikinsu. Haka maganiziyam ɗin da bai shiga jini ba yake yi a hanji. Yana riƙe ruwa, yana jawo wani, bayan gida ya yi laushi, ya ƙara yawa, hanji ya motsa ya tura shi. Ga mai lafiyayyen ciki kamar gwaggona, wannan gudawa ce. Ga wanda yake kwana uku ko huɗu bai zaga ba, in ya je ma sai da nishi, wannan shi ne maganin da yake nema.

A Japan oksayid na cikin magungunan bushewar ciki da likitoci suka fi rubutawa, shekara da shekaru. A 2019 an wallafa wani gwaji daga can, inda aka raba mata 34 masu daɗaɗɗiyar bushewar ciki gida biyu. Wasu aka ba su rabin giram na oksayid sau uku a rana har kwana 28, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Kusan bakwai cikin goma na masu shan oksayid sun ce sun sami sauƙi, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Gwajin ƙarami ne, amma ya dace da abin da likitoci suka daɗe suna gani, kuma a 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin ciki biyu na Amurka suka sa oksayid a jerin abin da za a iya gwadawa ga manya masu wannan larura. Shawararsu ita ce a fara da kaɗan, a ƙara idan da buƙata, a kuma guje masa idan ƙoda ba ta da lafiya.

Aikinsa na biyu a hanji shi ne kashe ƙwarnafi, tunda haɗuwarsa da tsamin tumbi tana rage kaifin tsamin. Danginsa ne farin ruwan nan mai kauri da ake ba mai olsa a asibitocinmu, wanda ma'aikata ke kira mis-mag, duk da cewa shi wani gishirin maganiziyam ne daban. Wannan dogaro da tsamin tumbi yana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. Wanda yake shan omifirazol kullum saboda olsa ya riga ya rage tsamin, don haka oksayid ba zai narke masa yadda ya kamata ba. Kuma shan omifirazol na tsawon shekara ko fiye shi kansa yana iya rage maganiziyam a jiki, abin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2011. Ga irin wannan mutum, idan gwaji ya nuna yana da ƙaranci, oksayid ba shi ne zaɓin farko ba.

Sitiret

Sitiret yana tsakiya, kuma yawan da aka sha ne yake yanke wane aiki zai yi. Da yake yana narkewa ba tare da jiran tsamin tumbi ba, ya fi oksayid shiga jini, gwaje-gwajen da suka kwatanta su kai tsaye galibi haka suka nuna. Miligiram 100 zuwa 200 na zalla a rana, a raba biyu a sha da abinci, hanya ce mai kyau ta cike giɓi ga wanda yake da shi. Raba shin yana da dalili: hanji yana da iyakar abin da yake iya ɗauka a lokaci guda, duk abin da aka ƙara a kan haka ƙasa zai wuce ya jawo ruwa.

Idan aka sha da yawa a tashi ɗaya kuwa, sitiret ya fi oksayid saurin wanke ciki. Akwai na ruwa a kwalba mai kusan mililita 300, wanda yake fara aiki tsakanin rabin awa zuwa awa shida. Haka nan yana cikin garin da ake jiƙa wa majiyyaci ya sha kafin a zura masa na'urar duba hanji, don hanjin ya fita tas. Wannan ba abin sha kullum ba ne, kuma mai shan sa dole ya bi shi da ruwa mai yawa. A watannin zafi irin na Maris da Afrilu, ko a cikin azumi, tsoho da ya sha irin wannan bai sha ruwa ba yana iya galabaita cikin 'yan awoyi.

Ciwon ɓarin kai na cikin 'yan wuraren da shan maganiziyam ke da hujja mai ɗan ƙwari. A wani gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa a 1996, an ba masu ciwon miligiram 600 na sitiret kullum har mako 12. Yawan tashin ciwon ya ragu da kusan kashi 42 cikin 100, a wajen waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai kuwa kusan kashi 16. A 2012 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa maganiziyam a rukunin abin da ake kyautata zaton yana rage tashin ciwon. A lura da abu biyu. Rigakafi ne, sai an yi wata biyu ko uku ana sha kafin a yanke hukunci. Sannan adadin ya wuce iyakar da muka ambata, wato aikin likita ne, kuma da yawa daga masu sha sukan yi fama da sakin ciki. Likitoci da dama oksayid suke bayarwa don wannan, saboda arha da kuma ƙwaya ɗaya ta wadatar.

Gilisinet da alƙawarin barci

Gilisinet shi ne ɗan gata a kasuwa yanzu. Ya fi tsada, kuma shi ake tallatawa da cewa yana kawo barci, yana kwantar da hankali, yana kashe damuwa. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan kuɗin mutane ya fi zuba.

Abin da ke da tushe game da shi shi ne sauƙinsa ga ciki. Maganiziyam ɗin yana rungume a tsakanin gilaisin guda biyu, yana narkewa, kuma galibin masu sha ba sa samun gudawa irin ta sauran biyun. A 1994 an gwada shi da oksayid a kan mutane 12 da aka yanke musu wani sashe na hanji. In aka haɗa su duka, abin da jiki ya ɗauka daga kowanne kusan ɗaya ne. Amma ga waɗanda hanjinsu ya fi rauni, gilisinet ya fi shiga, kuma cikinsu ya fi karɓarsa. Wannan shi ne ainihin gurbinsa: mutumin da yake buƙatar maganiziyam a jini, amma sitiret da oksayid suna sakar masa ciki. Kada a manta kuma cewa wani ɓangare na sauƙin nan daga ƙarancin abin da ke cikin kafson ne. Miligiram 70 ba za ta tayar da ciki kamar 300 ba, ko da wane iri ne.

Maganar barci kuwa, hujjar ba ta kai tallar ba. A 2021 wasu masu bincike suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan tsofaffi masu rashin barci, suka sami guda uku kacal, mutane 151 gaba ɗaya. Masu shan maganiziyam sun riga sauran yin barci da kimanin minti 17, amma masu binciken da kansu sun ce ingancin gwaje-gwajen ba shi da ƙarfi. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ba da gilisinet aka yi waɗannan gwaje-gwajen ba, da oksayid da sitiret aka yi su. Hujjar da ake kafawa ta gilaisin kuma daga wasu ƙananan gwaje-gwaje na Japan ta fito, inda aka ba mutane giram 3 na gilaisin kafin kwanciya. Mu yi lissafi: duk miligiram ɗaya na maganiziyam a gilisinet yana tafe da kimanin shida na gilaisin. Wanda ya sha zalla 200 ya sami gilaisin giram ɗaya da ɗan ɗori, bai kai rabin abin da aka gwada ba.

Ba ina cewa wanda ya ce ya ji daɗinsa ƙarya yake yi ba. Mai ƙarancin maganiziyam yana iya jin canji na gaske. Amma uwar da ba ta barci saboda tunanin kuɗin makaranta, ko magidancin da yake shan shayi mai kauri bayan isha'i, ko mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare, ba kafso mai tsada ne zai warware musu ba, kuma yana ba ni takaici in ga an karɓi kuɗinsu da wannan alƙawari.

Akwai wata dabara da ya kamata mai saye ya sani. Tunda gilisinet kashi 14 ne kawai, kafso ɗaya, ko babba ne, da wuya ya ɗauki fiye da miligiram 100 zuwa 140 na zalla. Idan ka ga ɗan ƙaramin kafso ɗaya an ce gilisinet ne kuma zallarsa 250 ko 300, lissafin bai fita ba. Ko dai adadin na kafso biyu ko uku ne, ko kuma an gauraya shi da oksayid don lambar ta hau. Ka karanta jerin abubuwan da ke ciki, sau da yawa za ka ga oksayid ɗin a rubuce. Ka biya kuɗin gilisinet, cikinka kuma ya karɓi oksayid.

Inda abin yake zama haɗari

Ƙoda ce ke fitar da rarar maganiziyam ta fitsari. Mai lafiyayyar ƙoda da wuya ƙwaya ta yi masa illar da ta wuce gudawa. Wanda ƙodarsa ta raunana kuwa, abin taruwa yake yi a jini. Alamun farko tashin zuciya ne da jin zafi a fuska da kasala. In ya ci gaba, jini ya sauka, barci ya riƙa fizgar mutum, gaɓoɓi su saki, bugun zuciya ya yi sanyi, numfashi ya yi rauni. A Japan, inda tsofaffi da yawa ke shan oksayid, an sami mace-mace ta wannan hanya har hukuma ta umarci a riƙa auna jinin masu shan sa na dogon lokaci. Ciwon ƙoda yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini. Duk tsoho, da duk mai ɗaya daga cikin cututtukan nan, ya kamata a duba ƙodarsa da gwajin jini kafin ya fara. Wanda aka riga aka ce masa yana da ciwon ƙoda kada ya taɓa ko wanne daga cikin ukun, har da mis-mag, sai da izinin likitansa. Haka nan mai ciwon ciki mai tsanani da amai da kumburi, wanda ko tusa ba ta fita, ba maganin sassauta ciki yake buƙata ba, asibiti yake buƙata, domin hanji na iya toshewa.

Haɗari na biyu ya fi yawa a wajenmu, kuma ba a ganinsa. Maganiziyam yana kama wasu magunguna a cikin hanji ya hana su shiga jini. Sifro, wanda ake yawan sha don taifot da ciwon mafitsara, yana kan gaba. Gwaggona tana haɗiyar sifro da oksayid da kofin ruwa ɗaya, ko da ƙwayar cuta ce ke damunta, yawancin maganin ba zai isa inda aka aike shi ba. Ka'idar ita ce a sha sifro awa biyu kafin maganiziyam, ko awa shida bayansa. Tazarar nan ita ce dai ta dolutegirabiya, wanda yake cikin ƙwayar da mafi yawan masu ɗauke da cutar ƙanjamau ke sha kullum a Nijeriya, kuma a nan sakaci na iya ba ƙwayar cutar damar sake ɗagowa. Tetarasaikilin da dokisisaikilin ma suna buƙatar tazarar awoyi, maganin maƙoƙo da ake kira tairoksin kuma awa huɗu. Wannan ya shafi dukkan ukun, babu wanda ya kuɓuta don yana da tsada.

Bari in ɗan ratse, saboda na ji masu ciki suna tambaya. Allurar maganiziyam da ake yi wa mace mai jijjiga wani gishirin ne, salfet, kuma ta jijiya ko tsoka ake ba da ita, ana lura da numfashi da fitsari. Ta ceci rayuka masu yawa. Lokacin da aka shigar da ita wasu asibitocin gwamnati a jihar Kano a 2008, mutuwar masu wannan larura ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2. Babu ƙwayar kanti da ke maye gurbinta. Mai ciki da ƙafa da fuska suka kumbura, kai na sara, ido na ganin walƙiya, asibiti za a kai ta a lokacin.

Su wa ke da ƙarancin da gaske? Galibi mai ciwon sugan da bai daidaita ba, mai shan ƙwayar hawan jini irin mai sa yawan fitsari, mai daɗaɗɗiyar gudawa, mai shan giya da yawa, da mai shan omifirazol shekara da shekaru. Ga sauran mutane, tukunyarmu ta gargajiya ba ta bar mu a baya ba. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da agushi da ganyaye irin su alayyahu da zogale duk suna da shi. Giram 100 na gyaɗa na ɗauke da kimanin miligiram 170, riɗi kuma kusan ninkin haka. Asarar tana zuwa ne wajen surfe, domin a dusa da ƙwayar tsiro ma'adinin ya fi taruwa. Gidan da ya bar tuwon dawa ya koma farar shinkafa da taliya da burodi ya rage rabonsa ba tare da ya lura ba. Kuma wanda aka ci a abinci ba ya cikin iyakar nan ta 350.

Gwaggo ta ajiye robar a ranar. Muka haɗa mata ruwan gishiri da sukari, kwana biyu cikin ya tsaya. Saura ƙafar da ta jawo komai. Na gaya mata gaskiya, cewa da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɗaurewar ƙafa da dare a 2020, an ga da wuya maganiziyam ya amfani tsofaffi a kan wannan, ko wane iri ne. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ashe wahalar banza na sha."

Da muka je asibiti, likita ta duba ƙwayar hawan jininta ta ga irin mai sa fitsari ce, wadda ke zubar da potasiyam da maganiziyam tare. Aka ɗebi jini. Ƙoda lafiya lau, potasiyam ya ɗan yi ƙasa. Ta canza mata ƙwayar, ta kuma koya mata ta riƙa dafa bango tana miƙe sha-raɓarta kafin ta kwanta. Ba ta rubuta mata maganiziyam ko ɗaya ba.

A zaman ne maigidanta, wanda ya rako mu, ya yi ƙasa da murya ya ce wa likita shi kuma tasa matsalar akasin ta gwaggo ce, yakan yi kwana huɗu bai zaga ba. Ta tambaye shi ko yana ganin jini, ko ya rame, ko abin sabo ne. Ya ce a'a, ya fi shekara goma a haka. Ta tura shi gwajin ƙoda shi ma. Da sakamako ya fito da kyau, ta rubuta masa oksayid, ƙwaya ɗaya bayan abincin dare da babban kofi na ruwa, ta ce ya dawo bayan mako biyu ya gaya mata yadda cikin ya karɓa.